Muhawara: Bidiyon da za a nuna wa waɗanda suka duba fankar caji amma ba su saya ba

Mai Fankar Sola:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina sayar da fanka mai caji ta inci 16 tare da farantin sola, shagona yana Kano, kuma ina da shafin intanet da mutane suke shiga daga tallan da nake yi a Facebook da Instagram. A cikin wata guda da ya wuce kusan mutum 2,000 sun buɗe shafin fankar, kimanin 150 sun saka ta a kwandon saye, amma waɗanda suka biya ba su wuce 30 ba. Ina so in yi sabon bidiyo wanda za a riƙa nuna wa waɗanda suka duba suka tafi kaɗai. Ga abin da na rubuta za a faɗa a ciki: "Barkanmu da warhaka! Ga fankar zamani mai inganci da ƙarko, tana aiki awa 12 ba tare da wutar lantarki ba. Mun ga ka duba amma ba ka saya ba. Kada a ba ka labari, yi oda yanzu kafin ta ƙare!" Ina neman gyara daga waɗanda suka fi ni sanin wannan aiki kafin in ɗauki bidiyon.

Malam Mai Talla:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin mu taɓa kalmomin, akwai abin da ya kamata mu daidaita a kai, shi ne cewa mutumin da za ka nuna wa wannan bidiyo ya riga ya san fankar, ya ga hotonta, ya ga farashinta, ya kuma karanta "awa 12" a shafinka, duk da haka ya rufe ya tafi. Rubutun da ka kawo yana sake gabatar masa da abin da ya gani ne, yana kuma maimaita maganar da ba ta gamsar da shi ba tun farko. Aikin wannan sabon bidiyo shi ne ya gano abin da ya tsayar da shi ya amsa, kuma ba za ka gano wannan ta hanyar zato ba.

Ka buɗe WhatsApp ɗinka na kasuwanci da akwatin saƙonnin Instagram, ka ɗauki mutum 50 na ƙarshe da suka yi maka tambaya amma cinikin bai faɗa ba. Ka rubuta tambayar ƙarshe da kowannensu ya yi kafin ya yi shiru, da kalmominsa yadda ya rubuta su, ba yadda kai za ka fassara su ba. Idan ka kawo mana wannan ƙidayar, rubutun zai fito daga cikinta.

Abu guda da zan ce ka cire tun yanzu shi ne "mun ga ka duba amma ba ka saya ba". Mutumin da yake tsoron kada a damfare shi, ka kuma buɗe magana da shaida masa cewa kana bibiyar abin da yake yi a wayarsa, ka ƙara masa dalilin guje maka ne.

Ɗan Kwari:
Malam, da girmamawa, ni ina ganin ana tsawaita abin da ba shi da tsawo. Wanda ya duba kaya bai saya ba, kuɗi ne suka hana shi, domin duk wanda yake kwana cikin zafin watan Afrilu ya san yana bukatar fanka. A ce masa an rage naira 5,000 na kwana uku kawai, a sa agogo yana ƙirga lokaci a bidiyon, za ka ga oda tana shigowa. A kasuwa idan mai saye ya juya zai tafi, ragi muke kiransa da shi.

Malam Mai Talla:
Alhaji, maganarka tana da ƙamshin gaskiya ga wani kaso na mutanen, musamman waɗanda suka kai matakin biya suka ga jimillar kuɗin suka ja da baya. Sai dai a shago kana ganin fuskar mutum, ka san ko farashin ne ya dame shi ko kuwa kayan ne bai yarda da su ba, shi kuwa bidiyo kowa yake gaya wa magana ɗaya. Idan mai shakka a kan batir ya ga an rage farashi ba tare da an amsa tambayarsa ba, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne kayan sun ƙi tafiya ne, ko kuma akwai aibin da ake ɓoyewa. Sannan ragin zai isa ga mutanen da dama za su dawo su saya a cikakken farashi idan albashi ya shigo, ka ga ka ba su naira 5,000 a kan cinikin da yake naka tun asali. Mu jira ƙidayar mu ga yawan waɗanda ragi ne damuwarsu.

Mai Fankar Sola:
Na yi ƙidayar, Malam. Cikin mutum 50, mutum 21 tambayarsu ta ƙarshe a kan batir ce, kuma kusan dukansu da lafazi ɗaya suka yi ta: "Da gaske tana kai wa asuba?" Mutum 14 sun tambayi ko za su iya biya bayan kaya sun iso hannunsu, ko kuma ina shagon yake. Mutum 9 sun yi shiru bayan na gaya musu kuɗin aikawa zuwa garinsu, sai 6 da suka nemi ragi kai tsaye.

Injiniyan Sola:
Tunda batir ne ya zo na farko, ina roƙon a bar ni in yi magana a kan "awa 12" ɗin kafin a sa ta a bakin kowa. Ɗan'uwa, ka juya fankar ka karanta abin da aka rubuta a jikin batir da kuma wutar da injin yake ja a kowane mataki na gudu.

Mai Fankar Sola:
Batirin an rubuta `12V 7Ah`. A takardar da ke cikin kwalin an ce gudu na ɗaya yana jan wat 7, na biyu wat 11, na uku wat 18.

Injiniyan Sola:
To ga inda maganar take. Idan ka ninka 12 sau 7 za ka samu 84, wato ƙarfin da batirin yake ɗauke da shi ke nan idan sabo ne kuma a cike yake. Raba 84 da 7, za ka samu awa 12 cif, kuma daga nan ne kamfanin ya samo adadin da ya buga a kwali: gudu mafi ƙanƙanta, sabon batir, fitilar jikinta a kashe, ba a jona waya ba. Amma babu wanda yake sayen fanka a tsakiyar bazara don ya kunna ta a gudu na ɗaya. A gudu na biyu lissafin yana ba da awa bakwai da rabi, a na uku kuwa bai kai awa biyar ba, kuma wannan a takarda ne. A zahiri batir irin wannan ba ya ba da duk abin da aka rubuta a jikinsa idan ana jansa da ƙarfi, saboda haka ka sa ran abin da ya gaza haka.

Mutanen nan 21 ba su yi wannan lissafi ba, amma da yawa daga cikinsu sun taɓa sayen fitila ko fanka da aka ce musu tana kwana, ta mutu da ƙarfe biyun dare. Idan ka sake cewa awa 12 a bidiyon, wanda ya sani ba zai yarda ba, wanda bai sani ba kuma zai saya ya dawo maka da ita a mako na farko. Shawarata ita ce ka gwada da kanka: ka cika ta, ka ajiye agogon bango a bayanta, ka kunna a gudu na biyu, ka kafa waya tana ɗauka har ta tsaya. Duk adadin da agogon ya nuna, shi za ka faɗa.

Akwai kuma abin da zai taimake ka wanda ba ka ambata ba. Batir mai wannan girma shi ne irin wanda ake sawa a ƙananan na'urorin UPS na kwamfuta, ana samunsa wurin masu sayar da kayan lantarki a manyan kasuwanni. Ga mai tsoron cewa idan batir ya mutu fankar ta zama shara, wannan amsa ce mai nauyi.

Baƙuwar Zaure:
Ni ma ina son yin irin wannan ga masu duba turaren wuta a shafina. Tambayata ita ce, a ina ake samun lambobin wayar waɗanda suka duba ɗin, don a tura musu bidiyon ta WhatsApp? Akwai wanda ya ce zai sayar mini da jerin lambobi.

Malam Mai Talla:
'Yar'uwa, ba a samun lambobinsu, kuma ba a tura musu komai kai tsaye. Akwai ɗan rubutun da ake dasawa a shafin intanet mai suna Meta Pixel, wanda yake sanar da Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, duk lokacin da wani ya buɗe shafin kaya, ya saka a kwando, ko ya biya. A Ads Manager, wato wurin da ake tsara tallan Meta, sai ki haɗa rukunin masu kallo daga waɗannan bayanai, Meta ta nuna musu tallan a cikin Facebook da Instagram, ke kuwa ba za ki ga sunan kowa ba. Idan ba ki da shafin intanet, za ki iya haɗa rukunin daga waɗanda suka kalli rabin bidiyonki na farko, ko waɗanda suka yi hulɗa da shafinki na Instagram. Jerin lambobin da ake son sayar miki kuwa ki bar shi, domin masu lambobin ba su san ki ba, ba su duba kayanki ba, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta bar mutum ya yi amfani da bayanan wani yadda ya ga dama ba.

Mai Fankar Sola:
Injiniya, na yi gwajin kamar yadda ka ce. Na kunna ta ƙarfe 10 na dare a gudu na biyu, ta tsaya ƙarfe 4 da minti 20 na asuba. A gudu na uku ta yi awa uku da minti 50. Gaskiya ina jin tsoron faɗin wannan a talla, tunda masu sayar da irinta duk awa 12 suke rubutawa, wasu har 15.

Malam Mai Talla:
Ka tuna wa kake yi wa magana. Wannan mutumin ya riga ya ga masu cewa 12 da masu cewa 15, bai saya daga kowa ba. Abin da bai gani ba shi ne mai sayarwa da ya ajiye agogo ya nuna masa. Ga yadda zan tsara bidiyon farko, na sakan 30, a tsaye kamar yadda ake riƙe waya, kuma a kan shakka ɗaya tak.

Sakan uku na farko: babu sallama, babu tambarin shago, babu kiɗa. Fankar tana juyawa a ɗaki mai duhu, agogon bango yana nuna ƙarfe 10, an rubuta tambayar mutanen da manyan haruffa a tsakiyar allo, kai kuma ka faɗe ta da bakinka: "Da gaske tana kai wa asuba?"

Daga sakan 3 zuwa 15: hoton gwajin da ka ɗauka, an gaggauta shi yadda hannun agogo zai riƙa gudu, kana cewa: "Na kunna ta ƙarfe goma na dare a gudu na biyu, ba wuta, ba janareta. Ta tsaya ƙarfe huɗu da minti ashirin."

Daga sakan 15 zuwa 23: fuskarka a cikin shago, fankar a gefenka: "A gudu na uku awa huɗu ba kaɗan take yi. Awa goma sha biyun da ke jikin kwali, lissafin gudu na ɗaya ne."

Daga sakan 23 zuwa 30: hannunka yana kwance murfin baya yana ciro batirin: "Idan batir ya tsufa, irin na UPS ne, ana canza shi. Taɓa nan ka ga farashi da kuɗin kaiwa garinku."

Ka lura da abubuwa uku a cikin wannan tsari. Kowace jimla tana da hoton da yake tabbatar da ita a daidai lokacin da ake faɗinta, shi ya sa babu "inganci" ko "ƙarko" a ciki, domin ba abin da za ka ɗora a gaban kyamara ya nuna su. Sannan maganar gudu na uku, wadda kake jin tsoron faɗi, ita ce take sa a yarda da ta gudu na biyu. Na ƙarshe, duk abin da ka faɗa ka rubuta shi a allo, saboda mutane da yawa suna kallo ba tare da sun buɗe sauti ba, amma ka ajiye rubutun a tsakiya, don a Reels maɓallai da sunan shafi suna rufe kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasan allo. Ka karanta rubutun da babbar murya kana duban agogo kafin ka ɗauka. Idan ya wuce sakan 30, ka rage kalmomi, kada ka ƙara saurin magana.

Injiniyan Sola:
Tsarin ya yi, sai dai ina so a ƙara "sabon batir" a cikin rubutun da ke allo lokacin gwajin. Batir irin wannan idan ana shanye shi ƙarƙaf kowane dare, kamar yadda mai fanka zai yi a bazara, ƙarfinsa yana raguwa a hankali, kuma bayan watanni ba zai ba da awa shida ɗin ba. Kalmomi biyu ne kawai, amma su ne za su kare ka ranar da wani ya dawo da ƙorafi. Kuma kada a yanke hoton gwajin a tsakiya. A gaggauta shi, amma ya kasance ɗauka ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, filogin yana rataye a fili ana ganin ba a jona shi ba, domin mai shakka wurin yankan zai fara dubawa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni a kan mutum 14 ɗin nan masu neman biya bayan kaya sun iso zan yi magana, saboda na daɗe ina fama da wannan a sayar da atamfa da leshi. Ina jan kunnenka, ɗana, kada daɗin rubutu ya sa ka yi alkawarin da aljihunka ba zai ɗauka ba. Akwai lokacin da na sanar cewa kowa zai iya biya bayan ya karɓa, oda ta ƙaru sosai, amma da yawa daga cikin kayan sun dawo: mai babur ya je ƙofar gida, a ce masa mai odar ta yi tafiya, ko waya a kashe, ni kuma in biya kuɗin zuwa da na dawowa. Atamfa ma ke nan da ba ta fashewa. Fanka da farantin sola idan suka je Gombe suka dawo a bayan mota, ban san a wane hali za su iso ba.

Abin da ya zauna mini daga baya shi ne, a cikin gari a biya bayan an gani, wajen gari kuwa a fara biyan kuɗin mota kaɗai, sauran a biya idan kaya sun isa tasha an buɗe an duba. Wanda ya biya kuɗin mota da wuya ya ƙi zuwa karɓa. Kuma a bidiyona na fi samun amfani daga nuna shagon kansa: na tsaya a bakin layi ina ɗauka, na taka har ƙofar shago, allon suna yana sama, maƙwabta suna harkarsu, sannan na nuna ana ɗaure kaya ana rubuta sunan gari a jikin leda. Mai tsoron damfara ba kalmar "amana" yake nema ba, yana so ya ga wurin da zai iya zuwa ya same ka idan an samu matsala.

Malam Mai Talla:
Hajiya ta rubuta maka bidiyo na biyu, kuma ya kamata ya zama bidiyo dabam, kada a cusa shi cikin na batir. Buɗewarsa ita ce tambayar mutanen kanta: "In na tura kuɗi, ta yaya zan san kaya za su zo?" Daga nan sai takawa zuwa ƙofar shago kamar yadda ta bayyana, sai sharaɗin biya a jimla ɗaya, sai kuɗin aikawa zuwa manyan garuruwa uku ko huɗu da ka fi samun oda, a rubuce a allo. Wannan ya amsa wa mutum 14 da mutum 9 a lokaci guda, domin waɗanda suka yi shiru bayan jin kuɗin mota, sau da yawa ba yawan kuɗin ne ya kore su ba, zuwansa a ƙarshe ne bayan sun riga sun sa wani adadi a ransu. Idan za ka nuna hoton saƙon wani da ya karɓi kayansa, ka nemi izininsa, ka kuma rufe suna da lamba.

Yanzu sai wa zai ga wanne. Wanda ya buɗe shafin kawai ya fita, galibi a kan kayan yake shakka, shi za a nuna wa na batir. Wanda ya saka a kwando ya fasa, ya riga ya yarda da fankar, ya tsaya ne a kan biya, shi za a nuna wa na shago. A Ads Manager zai kasance kamar haka, rukunin A na masu dubawa kawai, rukunin B na masu sakawa a kwando, an kuma cire waɗanda suka biya daga duka biyun:

```
A: ViewContent 14 days
   exclude AddToCart, Purchase
B: AddToCart 7 days
   exclude Purchase
```

Meta tana barin ka riƙe masu ziyarar shafi har kwana 180, amma fanka kayan yanayi ce, kuma wanda ya duba a watan Maris ko dai ya riga ya saya a wani wuri, ko damina ta sauka zafin ya ragu.

Mai Fankar Sola:
Malam, a nan akwai matsala. Mafi yawan masu sayena ba a shafin suke biya ba. Suna dubawa a shafin, sai su taɓa maɓallin WhatsApp, mu gama magana, su tura kuɗi ta banki. Ke nan `Purchase` ba ya ganinsu.

Malam Mai Talla:
Haka ne, kuma idan ka bar shi a haka, mutumin da fankarsa take juyawa a ɗakinsa zai ci gaba da ganin tallan da yake tambayarsa ko tana kai wa asuba, kana biyan kuɗin nuna masa. Alamar da za ka gane hakan na faruwa ita ce sharhi a ƙarƙashin tallan irin su "ai na riga na saya". Maganin da ya fi sauƙi shi ne ka riƙa tara lambobin waɗanda suka biya a fayil, da `234` a gaba maimakon sifilin farko, ka ɗora shi a matsayin `Customer list` duk mako, ka cire wannan rukuni daga A da B. Ba duka lambobin za su dace da asusun mutanen ba, amma zai rage ɓarnar. Ka kuma sanar da masu sayenka a shafin cewa kana amfani da lambarsu ta wannan hanya. Wannan shi ne ƙarin dalilin da ya sa nake adawa da ragi a wannan bidiyo: wanda ya biya cikakken kuɗi jiya, idan ya ga an rage naira 5,000 yau, ka san saƙon da zai turo maka.

Sai maganar kuɗin talla, domin a nan mutane suke ƙona rukuninsu. A ce rukunin A mutum 1,000 ne, a kuma ce nuna talla sau dubu yana cin naira 1,500. Idan ka sa naira 3,000 a rana, ana nuna shi sau 2,000 a rana, sau 14,000 a mako, wato kowane mutum zai gan shi kusan sau 14 cikin kwana bakwai. Ka duba shafin `Frequency` bayan mako guda. A ra'ayina idan ya haura biyar ko shida, masu taɓawa kuma suna raguwa, ka rage kuɗin ko ka sauya bidiyon. Ka kuma sani cewa rukunin zai fi ƙanƙanta da adadin da shafinka yake nunawa, tunda tun daga iOS 14.5 a 2021 masu iPhone suna iya hana a bibiye su, wasu kuma ba su shiga da asusun da Meta za ta gane ba.

Ɗan Kwari:
Na ji bayanin, kuma na yarda cewa ƙidayar ta nuna batir ne a gaba. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Mutum ba ya son ya ce "ba ni da kuɗi", sai ya fake da tambayar batir ya yi shiru, don haka waɗancan 6 ɗin ƙila sun fi haka yawa a ɓoye. Idan ba za a rage farashi ba, me zai hana a ce wa rukunin B kaiwa kyauta a cikin Kano, ko a sayar da fankar ba tare da farantin ba ga mai samun wuta ko da awa uku ce a rana? Farashin zai sauko ba tare da an ce an yi ragi ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Maganar raba fanka da faranti ta yi ma'ana, Alhaji, domin wanda ya saya cikakke ba zai ji an cuce shi ba. Kaiwa kyauta kuwa ragi ne da wani suna, kuma wanda ya biya mai babur jiya zai lura.

Malam Mai Talla:
Alhaji yana da hujja a kan cewa abin da mutum ya rubuta ba lallai shi ne abin da ke ransa ba, kuma ƙidayar saƙonni ba za ta warware wannan ba. Gwaji ne zai iya: a nuna wa rukunin B bidiyon shago da kuma wani mai zaɓin fanka ba faranti, ta hanyar `A/B test` don kada mutum ɗaya ya ga duka biyun. Sai dai da mutum 150 a wata, rukunin ya yi ƙanƙanta, bambancin ciniki biyu ko uku ba zai tabbatar da komai ba, don haka zai ɗauki lokaci kafin a iya cewa ga wanda ya fi.

Kuma kada ka ɗauki adadin cinikin da Ads Manager ya jingina wa wannan talla a matsayin ribarsa duka. Bisa tsarin da aka saba, duk wanda ya saya cikin kwana bakwai bayan ya taɓa tallan, ko cikin kwana ɗaya bayan ya gan shi kawai, ana lissafa shi, alhali wasunsu dama suna hanyar dawowa. Ka duba jimillar cinikinka na mako a littafin shago, ka kuma sake ƙidayar saƙonni bayan mako biyu. Idan tambayar asuba ta ragu, aka koma tambayar launi da ranar isowa, bidiyon ya yi aikinsa.

Injiniyan Sola:
Idan za a raba faranti da fanka, a gwada tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta cika da wutar lantarki, saboda batir irin wannan ba ya cika a awa uku da ƙaramar cajar da ake haɗo shi da ita. Kada a gaya wa mai wutar awa uku cewa ta ishe shi kafin a auna.

Mai Fankar Sola:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da bidiyon batir da na shago, zan gyara "awa 12" da ke shafin kansa ta dace da abin da bidiyon yake faɗa, tunda can mutum zai sauka idan ya taɓa. Zan kuma auna cajin wutar kafin in yanke shawara a kan raba farantin. Saura tambaya ɗaya, Hajiya: kuɗin motar da ake fara biya, idan mutum ya buɗe kaya a tasha ya ce bai so, kina mayar masa ne ko kuwa sun tafi ke nan? Ina so in san abin da zan faɗa a bidiyon kafin wani ya tambaye ni a ƙarƙashinsa.

Hajiya Mai Atamfa:
Idan kayan ba su ne aka nuna masa ba, ko sun iso da lahani, ina mayarwa har da kuɗin mota. Idan ra'ayi ya sauya kawai, kuɗin mota sun tafi, kuma ina faɗa masa haka a rubuce tun kafin ya tura. A naka akwai ƙarin abu, domin fanka sai an kunna ake sanin tana aiki, saboda haka ka aika ta da caji a jikinta yadda zai iya gwadawa a gaban direba kafin ya biya sauran.